Layuka Uku a Saman Imel: Wa Zai Ga Sunan Wa?

Mu ɗauki wata makarantar kuɗi a Kano mai iyayen yara 240 a rajista. Zangon karatu ya yi nisa, jarrabawa ta ƙarato, iyaye 60 ba su gama biyan kuɗin makaranta ba. Shugaban makaranta ya ce wa sakatariya ta tunatar da su ta imel. Ta buɗe takardar Excel, ta kwafo adiresoshin nan 60, ta zuba su a layin farko da idonta ya faɗa a kai, wato To, ta rubuta saƙo cikin ladabi, ta danna Send. Duk aikin bai ci minti biyar ba.

Babu kalma ɗaya ta cin fuska a saƙon. Amma duk wanda ya buɗe shi, ya taɓa ɗan kibiyar da ke kusa da sunan mai aikowa, zai ga jerin mutum 59 da makaranta ke bi bashi tare da shi. Yawancin mutane da cikakken sunansu suke buɗe adireshi, wasu ma da adireshin wurin aikinsu suka yi rajista. Alhajin da ake ganin girmansa a unguwa yana ciki. Matar da mijinta ya rasu bara, take ta faɗi-tashi ba ta son kowa ya san halin da take ciki, tana ciki. Makaranta ba ta buga sunansu a allon sanarwa ba, amma abin da ta yi bai bambanta da hakan ba. A ƙasar da kullum ake roƙon Allah rufin asiri, wannan ba ƙaramin laifi ba ne.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da nauyi ke nan. Mutane kan ɗauka layukan To, Cc da Bcc tsarin ofis ne kawai, irin abin da ake koya wa sabon ma'aikaci a yini guda. Alhali kowanne layi hukunci ne mai aikawa yake yankewa a kan wa zai san da wa.

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati ba za su ga Cc a matsayin baƙon abu ba. A zamanin tafireta, akawu kan saka takardar kabon tsakanin farar takarda biyu ko uku, ya buga wasiƙa sau ɗaya, kwafi ya fito a na ƙasa. A gindin wasiƙar sai ya rubuta waɗanda za a ba kwafin, don wanda aka rubuta wa ya san cewa darakta ko babban sakatare ma ya gani. Haruffan Cc daga sunan wannan kwafin kabon suka samo asali a Turanci. Idan kuma ana son a ba wani kwafi ba tare da mai wasiƙar ya sani ba, sai a rubuta sunansa a jikin kwafin kaɗai, ban da ta asali. Harafin B da aka ƙara a gaba shi ke nuna wannan ɓoyewar. Imel ya gaji al'adar tun yana jariri, domin layukan uku duk suna cikin ƙa'idar RFC 822 ta shekarar 1982, wadda ta tsara siffar saƙon imel. 'Yan'uwanmu na Nijar da wayoyinsu ke kan Faransanci za su ga À a maimakon To, Cc yana nan yadda yake, Bcc kuma ya koma Cci.

Yadda ɓoyewar ke aiki yana da sauƙin ganewa idan aka tuna da ambulan. Saƙon imel yana tafiya da abu biyu. Akwai wasiƙar kanta, mai ɗauke da layin To da na Cc a samanta, wadda kowa zai karanta. Akwai kuma ambulan da injinan isar da saƙo ke dubawa su san inda za su kai. Adireshin da ke To ko Cc yana jikin ambulan, yana kuma jikin wasiƙa. Wanda ke Bcc yana jikin ambulan, amma ana cire shi daga wasiƙar da sauran za su gani. Wajen isarwa babu bambanci ko kaɗan tsakanin To da Cc: duka suna samun saƙo iri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma duka suna ganin juna. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka Cc yana sakaya suna. Ba ya sakayawa. Bambancinsa da To na ma'ana ne kawai: wanda ke To da shi ake magana, shi ake jiran ya amsa ko ya aikata, wanda ke Cc kuwa shaida ne, an gaya masa ne don ya sani.

Mu koma makarantar. A makon nan saƙo uku ne a gaban sakatariya, kuma kowanne da hanyarsa.

Na farko na cikin gida ne. Ana son ma'aji ya fitar da lissafin waɗanda ba su biya ba kafin Laraba. Ma'aji shi kaɗai zai shiga To. Shugaban makaranta, wanda ya ba da umarnin, zai shiga Cc. Dukkansu sun san juna, kuma ya dace ma'aji ya ga cewa shugaba na sane. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a zuba mutum biyar a To a ce "a taimaka a fitar da lissafin". Kowa sai ya ɗauka da ɗan'uwansa ake, Laraba ta zo babu wanda ya taɓa komai. Idan dole aikin na mutum biyu ne, a sa su biyun a To, a kira sunan kowa a cikin saƙon a faɗa masa nasa rabon. Sauran malamai kuwa ba su da hurumi a lissafin bashin iyaye, saboda haka ko a Cc ba su da gurbi. Ma'aunin da nake amfani da shi kafin in sa mutum a Cc shi ne in tambayi kaina ko zai yi ƙorafi gobe idan ya ji an yi abin bai sani ba. In ba zai yi ba, na bar shi ya huta. Wanda ake cika wa akwati da kwafin abin da bai shafe shi ba, ranar da mai muhimmanci ya zo ba zai buɗe ba.

Saƙo na biyu sanarwa ce ga iyaye duka 240, cewa za a fara hutu ranar kaza. Babu abin kunya a zama uban ɗalibi a makarantar, amma iyayen ba su ba makaranta adireshinsu don ta raba wa juna ba. Wannan shi ne ainihin wurin Bcc. A manhajar Gmail ta waya, layin a ɓoye yake sai an taɓa kibiyar da ke gefen To. A kwamfuta kalmar Bcc tana ƙarshen layin To ta hannun dama. A Outlook na kwamfuta ana fito da shi daga Options. Saman saƙon zai kasance kamar haka:

```
To: ofis@example.com
Bcc: iyaye1@example.com, iyaye2@example.com
```

Sakatariya ta sa adireshin makarantar kanta a To don kada layin ya tafi fayau, kuma don kwafi ya dawo mata ta ga yadda saƙon ya bayyana ga mai karɓa. Kowane uba zai ga makaranta ce ta aiko, ba zai ga sauran iyaye ba. Akwai riba ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Idan wani ya danna Reply all yana tambaya ko motar makaranta za ta fito ranar ƙarshe, amsarsa makaranta kaɗai za ta je, domin sauran adiresoshin ba sa jikin wasiƙar da ya samu. Da a Cc aka zuba su, tambayar mutum ɗaya za ta buga wayoyi 240, wani ya amsa wa kowa cewa a daina turo masa, wani kuma ya yi amfani da damar ya tallata hajarsa. Ya kamata a farkon irin wannan sanarwa a rubuta cewa an aika ta ga dukkan iyayen yara, don mai karɓa ya san ba shi kaɗai ake nufi ba.

Bcc yana da iyakarsa. Asusun Gmail na kyauta ba ya barin a wuce masu karɓa 500 a rana, don haka 240 za su shiga, amma makaranta mai iyaye 700 sai ta raba aikin kwana biyu. Sannan saƙon da ya fito daga adireshi ɗaya zuwa ɗaruruwan ɓoyayyun mutane yana kama da na 'yan talla da 'yan damfara, shi ya sa wani lokaci yakan faɗa akwatin Spam. Idan iyaye da yawa suka ce ba su ga sanarwa ba, nan ne wurin farko da za a ce su duba.

Saƙo na uku shi ne na masu bashi, kuma a nan nake da ra'ayi mai tsauri: ko Bcc bai kamata a yi amfani da shi ba. Ba don ba ya aiki ba. Idan an yi daidai, yana ɓoye sunayen. Matsalar ita ce tsakanin daidai da ɓarna layi ɗaya ne tak, tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba a fuskar waya, kuma babu abin da zai tsayar da mai aikawa idan ya zuba a layin sama. Inda zama cikin jerin kansa yake tona wani abu game da mutum, kamar bashi, ko ciwo, ko shari'a, ko neman aiki alhali yana wani wurin, bai dace a jingina asirin mutane a kan hannun ma'aikaci ɗaya da ya gaji ba.

Wannan ba zato ba ne, ya sha faruwa a wuraren da ke da horo da kayan aiki. A watan Satumba na 2015, asibitin 56 Dean Street da ke unguwar Soho a Landan, wanda ke kula da masu cutar ƙanjamau, ya aika da takardar labarai ga mutum 781 da ke amfani da wani shirinsa. Ma'aikaci ya sa adiresoshin a To maimakon Bcc. Daga cikinsu 730 suna ɗauke da cikakken sunan mai su. Hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya, ICO, ta ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a 2016, kuma ta gano an taɓa yin irin wannan kuskuren a 2010 da marasa lafiya 17. A watan Satumba na 2021 kuma, makonni kaɗan bayan Taliban sun karɓe Kabul, ma'aikatar tsaron Birtaniya ta aika imel ga 'yan Afganistan da suka yi aiki da ita suke neman a kwashe su, adiresoshin mutum 245 a fili a layin To. Mutum biyu suka amsa wa kowa da kowa, ɗayansu har ya faɗi inda yake. A can ba kunya ake gudu ba, rai ake tsoro. Tarar ta zo a Disamba 2023, fam 350,000.

Wanda ya fi koya mini darasi shi ne na kwamitin binciken cin zarafin yara na Ingila da Wales a 2017. Ma'aikacin ya yi daidai da farko, ya aika wa mutum 90 ta Bcc. Sai ya lura da kuskure a rubutun, ya yi sauri ya tura gyara, a wannan karon adiresoshin suka tafi a To. Tarar fam 200,000 ce. Saƙon farko ana yin sa da natsuwa. Na biyu, na gyara ko na ban haƙuri, shi ake yi hankali a tashe, kuma nan tsautsayi ke jira. Saboda yawaitar irin wannan, ICO ta fito a 2023 ta ce a daina dogaro da Bcc wajen aika bayanai masu nauyi ga mutane da yawa, a koma hanyoyin da ke aika wa kowa nasa daban.

Ga makarantarmu hanyar ba ta da tsada. Sakatariya na da takardar Excel mai shafi uku a tsaye: suna, adireshi, ragowar kuɗi. Ta buɗe Word, ta shiga Mailings, ta zaɓi Start Mail Merge sannan E-mail Messages, ta nuna masa takardar ta Select Recipients. Ta rubuta wasiƙa ɗaya, inda suna zai shiga da inda adadin kuɗi zai shiga ta saka su da Insert Merge Field. Idan ta danna Finish & Merge, Outlook da ke kan kwamfutar zai fitar da saƙo 60 dabam-dabam, kowanne da adireshi ɗaya tak a To, da sunan mai shi, da abin da ya rage masa. Babu jerin da zai fallasa, domin babu saƙon da ya ɗauki mutum biyu. Haɗarin wannan hanya a wani wurin yake: idan aka jera sunaye bisa haruffa aka bar shafin adireshi bai motsa tare da su ba, bashin wani zai tafi akwatin wani. Maganinsa a duba Preview Results, a gwada mutum biyar da rajista, kuma a fara gwaji da adiresoshin ma'aikata uku kafin a saki na gaske. Inda babu Outlook, saƙo 60 da hannu ɗaya bayan ɗaya aikin awa biyu ne, kuma ya fi sauƙi a kan zaman ba iyaye haƙuri.

Akwai wani amfani da Bcc tsakanin abokan aiki da nake ganin illarsa ta fi amfaninsa. Ma'aikaci ya rubuta wa abokin aikinsa yana tuna masa aikin da ya makara, ya saka oga a Bcc. Wannan laɓe ne aka yi wa mutum, yana magana yana zaton su biyu ne alhali akwai na uku a bayan labule. Kuma labulen ba shi da kauri. Wanda ke Bcc yana ganin duk wanda ke To da Cc, idan ya danna Reply all amsarsa za ta je musu gaba ɗaya. Oga ya karanta a gurguje a waya, bai lura ta ɓoye aka sa shi ba, ya rubuta "ina son bayani yau", sai abokin aikin ya ga amsa daga mutumin da babu sunansa a saƙon. Daga ranar ya san irin zaman da ake yi da shi. Bugu da ƙari, amsar da abokin aikin zai bayar ba za ta je wa oga ba, tunda adireshinsa ba ya jikin wasiƙar, saboda haka oga zargin kawai zai gani ban da uzurin. In har magana ta kai oga ya sani, a sa shi a Cc a fili, a kuma faɗa a cikin saƙon cewa an sa shi da dalilin sa shi. In ba a son abokin aikin ya sani tukuna, a aika saƙon, sannan a tura wa oga kwafi da Forward da ɗan bayani a sama. Ta haka ko ya amsa, ga wanda ya tura masa kaɗai amsar za ta koma. Shi kansa Cc ɗin a fili ba a fara da shi a tunatarwa ta farko, domin duk ma'aikaci ya san ganin sunan oga a saƙon da ba a saba ganinsa ba kai ƙara ne.

Mai karɓa ma yana da abin dubawa. Kafin ka danna Reply all, buɗe saman saƙon. Idan ba ka ga adireshinka a To ko Cc ba, to ko dai ta Bcc aka sa ka, ko ta adireshin rukuni. A irin wannan hali Reply kawai za ka danna.

Wuri ɗaya da Bcc ke da kyau tsakanin mutanen da suka san juna shi ne sallamar wanda ya gama nasa. Wani ya haɗa ka da abokin ciniki ta imel, ya sa ku biyu. Idan za ka amsa, ka mayar da shi Bcc, ka rubuta a fili cewa ka gode, ka mayar da shi Bcc don kada sauran maganar ta dame shi. Ya ga ka karɓi haɗin, daga nan kuma ya fita daga zancen farashi da ranar kai kaya. Tunda an faɗa, babu ɓoye-ɓoye a ciki.

To idan an riga an yi ɓarnar fa? Magana zarar bunu ce, imel kuma ya fi ta wuyar dawowa. Maɓallin Undo na Gmail ba ya janyo saƙo daga akwatin kowa. Abin da yake yi shi ne riƙe saƙon na ɗan lokaci kafin ya tafi, daƙiƙa 5 idan ba a taɓa saitin ba, kuma ana iya ƙara shi zuwa 10, 20 ko 30 a Settings ƙarƙashin Undo Send. Duk mai aika wa jama'a saƙo ya kamata nasa ya kasance a 30, domin sau da yawa da hannu ya bar Send ido ke gano kuskure. Recall na Outlook kuwa tsakanin ma'aikatan hukuma ko kamfani ɗaya yake aiki. Ga iyayen da ke Gmail da Yahoo ba zai yi komai ba.

Saura abin da mutum zai yi da kansa. Sakatariya ta gaya wa shugaban makaranta nan take, kada ta jira wani uba ya kira. Saƙon ban haƙuri kada ya bi ta Reply all a kan na farko, don hakan sake baza jerin ne. A aika wa kowa nasa daban, a faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana, a roƙi ya goge saƙon farko kada ya tura wa kowa, kuma wani ma'aikaci na biyu ya duba layukan sama kafin a danna. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta ƙasa cikin awa 72 da sanin an samu fallasar da za ta iya cutar da masu bayanan, don haka shugaban makaranta na da hukuncin da zai yanke a ranar, ba sai bayan hutu ba. Waɗanda abin ya fi taɓawa, irin matar nan mai marayu, imel bai ishe su ba. Shugaban ya ɗauki waya da kansa ya kira ta.